Gaisuwa da Roƙo da Turanci: Tambayoyin 'Yan Koyo da Amsoshinsu

Na daɗe ina koyar da Turanci a ajin manya, irin wanda ake shiga bayan La'asar a fito kafin kiran Magariba. Ɗalibaina 'yan tireda ne da direbobi da teloli da masu gadi, sai matan aure da suka bar karatu tun firamare. Da hira guda ɗaya muke buɗe karatu kullum, kuma tambayoyin da take jawowa kusan iri ɗaya ne daga wannan aji zuwa wancan. Su ne na tara a nan tare da amsoshin da nake bayarwa.

Wace hira ce ake farawa da ita?

Wani malami ne ya shiga banki a Abuja zai buɗe akawun, ya tarar ma'aikaciyar da ke kan kanta ba ta jin Hausa. Layi goma ne kacal. Hausar da ke gaban kowane layi abin da Bahaushe zai faɗa ne a wurin, ba fassarar kalma da kalma ba ce.

Malam: *Good morning, madam.* — Ina kwana, Hajiya.

Ma'aikaciya: *Good morning, sir. How can I help you?* — Barka da safiya, Malam. Me za a yi maka?

Malam: *I would like to open an account, please.* — Akawun nake so in buɗe.

Ma'aikaciya: *Could you fill in this form, please?* — To, don Allah cike wannan fom.

Malam: *Sorry, could you say that again?* — Yi haƙuri, me kika ce?

Ma'aikaciya: *Please fill in this form.* — Na ce ka cike fom ɗin nan.

Malam: *Can I borrow your pen, please?* — Ko za ki ara mini bironki?

Ma'aikaciya: *Sure. Here you are.* — Ba damuwa, ga shi.

Malam: *Thank you very much.* — Na gode ƙwarai.

Ma'aikaciya: *You're welcome.* — Ba komai.

A duba a gani: gaisuwar duka ba ta wuce layi ɗaya da rabi ba, amma roƙo ya ci layi biyar. Da gangan na tsara ta haka, domin haka maganar take tafiya a bakin masu harshen.

Me ya sa ba a fara ba mu jerin kalmomi mu haddace ba?

Domin wanda ya haddace kalma ɗaiɗai, in ya zo magana da ginin Hausa zai jera su. Ya san *give* shi ne bayarwa, *me* ni ne, *pen* biro, sai ya haɗa *give me pen*, kuma ya ji a ransa ya yi daidai. Hira kuwa tana ba ka jimla a ɗinke, tare da wurin da ake faɗarta da amsar da za ta biyo baya. Yadda yaro yake koyon "ina wuni" ke nan: bai san nahawunta ba, amma ya san ana cewa "lafiya lau".

Gaisuwar ta yi gajarta. Ba za a ce ba ni da tarbiyya ba?

Wannan ce tambayar da dattawan aji suka fi yi, kuma na san inda take fitowa. Mu a wurinmu sai an tambayi kwana, an tambayi gajiya, an tambayi iyali da aiki da sanyi ko zafi, sannan a gyara zama a ce "dama abin da ya kawo ni". Wanda ya tsallake wannan ya faɗa kan buƙatarsa, sai a ce bai iya shiga mutane ba.

A Turanci, musamman a ofis ko kanti ko asibiti, *good morning* ta wadatar. In ka san mutumin sai ka ƙara *How are you?* shi kuma ya ce *Fine, thank you. And you?* Shi ke nan an gama. Amsar nan kamar "lafiya lau" ɗinmu take, ko kana fama da ciwon kai haka za ka ce, ba a nan ake zayyana damuwa ba. Idan ka tsaya gaban kanta kana tambayar ma'aikaciyar da ba ta san ka ba mijinta da 'ya'yanta, ba za ta ji ka girmama ta ba. Mamaki za ta yi, na bayanka a layi kuma su fara tsaki.

Abin lura shi ne ladabin bai ɓace ba, wuri ya sauya. Mu mun zuba namu a gaisuwa, shi ya sa bayan doguwar gaisuwa kana iya cewa "ba ni biro" ba wanda zai ji haushi. Su kuwa sun zuba nasu a yadda ake roƙo. Bahaushe mai ladabi yakan tsawaita inda suke gajartawa, ya gajarta inda suke tsawaitawa, sai a yi masa kallon mai gadara alhali ko kusa ba haka yake nufi ba.

Yaushe ake cewa *good morning*, yaushe ake sauyawa?

Agogo suke bi, ba lokutan salla ko tsayin rana ba. Daga wayewar gari zuwa sha biyun rana *good morning*. Daga sha biyu zuwa wajen biyar ko shida na yamma *good afternoon*. Daga nan har dare ya raba *good evening*. Iyakar sha biyu a tsaye take, ta yamma ce mai ɗan sassauci.

Tarkon yana wajen *good night*. Mai koyo yana ganin *night* dare ne, sai ya ɗauka ita ce "barka da dare". Ba ita ba ce, "sai da safe" ce, sallama ake yi da ita. Akwai wani mai gadi a ajina da ya zo yana ƙorafi cewa maigidansa ba ya amsa masa gaisuwar dare yadda ya kamata. Na ce ya nuna mana yadda yake yi. Ya miƙe, ya yi kamar yana buɗe get, ya ɗaga hannu ya ce *Good night, sir!* Ajin ya fashe da dariya bayan na fassara: mutum ya dawo gidansa ƙarfe tara, motarsa ba ta gama shigowa ba, kana ce masa sai da safe. In ka haɗu da mutum ko ƙarfe goma sha ɗayan dare ne, *good evening* za ka ce. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka taɓa Faransanci ba su cika faɗawa wannan rami ba, domin can ma gaisuwar yamma daban take da sallamar kwanciya.

Yaya zan ce "ina kwana" da "sannu da aiki" da "sannu"?

A nan dole a rarrabe Turancin Nijeriya da na waje, kuma ni ba na cikin masu cewa namu kuskure ne. A Kaduna ko Legas za ka ji *How was your night?* a matsayin "ina kwana", ka ji *Well done* a matsayin "sannu da aiki", ka ji *Sorry* idan mutum ya yi tuntuɓe. Kowa ya gane, kuma ka yi amfani da su ba laifi.

Amma ka san yadda za su sauka a kunnen Bature ko Ba'amurke. *How was your night?* za ta iya zame masa kamar kana leƙen abin da ya yi da daddare. Baƙon da ya kwana a gidanka ne ake tambaya *Did you sleep well?* Shi kuma *well done* yabo ne, irin wanda malami yake yi wa ɗalibin da ya ci jarrabawa, don haka in ka faɗa wa shugabanka yana tsakiyar rubutu zai rasa wane aiki kake ba shi maki a kai. "Sannu da aiki" ba ta da takwara a Turancinsu, gaisuwar lokaci kawai za ka yi ka wuce. Wanda ya yi tuntuɓe kuwa *Are you all right?* ake ce masa, domin *sorry* ita kaɗai za ta sa ya ce ai ba kai ka ture shi ba.

Haka *welcome* da *you're welcome*. Ta farko "sannu da zuwa" ce, ta biyu amsar godiya ce kamar yadda ta zo a layin ƙarshe na hirarmu, ko da yake a gida Nijeriya akan tarbi baƙo da ta biyun.

Mene ne laifin *give me*? Ai gaskiyar abin da nake so na faɗa.

Laifinta umarni ne. A kunnen mai Turanci, aikatau tsirara a farkon jimla muryar soja ce ko ta uba ga ƙaramin ɗansa. Roƙo kuwa sai an juya shi ya zama tambaya, an bar wa mutum ƙofar cewa a'a ko da an san ba zai ce ba. Mu ma muna da wannan dabara, ita ce "ko za ka..." da "ko zan samu...". Bambancin shi ne mu sai da babban mutum ko babbar buƙata muke fito da ita, su kuwa ko gishiri za a miƙo musu a tebur da ita suke nema.

Nakan rubuta buƙata ɗaya a allo hawa huɗu, daga mai kaushi zuwa mai laushi:

*Give me your pen.*

*Give me your pen, please.*

*Can you give me your pen, please?*

*Could you give me your pen, please?*

Na farko kada ka faɗa wa baƙo. Na biyu ya ɗan yi dama, amma har yanzu umarni ne da aka yafa wa mayafi. Ma'aikaci zai iya faɗa wa mai jiran layi, kamar yadda ma'aikaciyar ta yi a layi na shida da ta ga Malam bai gane doguwar jimlar ba, amma kai mai nema bai dace da kai ba. Na uku shi ne na yau da kullum. Na huɗu shi nake so ɗalibi ya riƙe, domin babu inda zai ba shi kunya, ko gaban likita ko gaban alƙali ko wajen mai shago.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne *I want*. "Ina so" a Hausa ba ta da aibu, amma *I want to open an account* tana da ɗan sautin yaro mai rigima. Shi ya sa Malam ya ce *I would like*, wadda a magana ake taƙaitawa *I'd like*. Ma'anar ɗaya ce, sai dai an rage mata kaifi.

To, mene ne bambancin *can* da *could* da *may*?

Kafin bambancinsu, kalli kalmar da ke biye da su. In *you* ce, kana roƙon mutum ya yi wani abu: *Could you help me?* In *I* ce, izini kake nema kai ka yi: *Can I sit here?* Da yawa suna cakuɗa su, sai ka ji mutum yana so a taimake shi amma ya ce *Can I help you?* wato shi ne ma yake tayin taimako.

*Could* ta fi *can* laushi. Kada ya dame ka cewa a littafin nahawu an ce maka ita ce ta lokacin da ya wuce, a wajen roƙo ba ruwanta da jiya. *May* ta neman izini ce a wuri mai nauyi, kamar *May I come in?* a ƙofar ofis, wadda take aikin "a shigo?" bayan sallama. Ba a cewa *may you* a roƙo, domin wannan siga ce ta addu'a da fatan alheri.

Aikatau ɗin da zai biyo bayansu kuma ba a ƙara masa komai. *Could you help me* ne, ba *could you to help me* ba, ba kuma *could you helping me* ba. Akwai wata siga, *Would you mind*, wadda ba na koyarwa a makon farko, domin amsar amincewa da ita *no* ce, kuma wannan kaɗai ya isa ya rikita ɗan koyo.

"Don Allah" fa? Zan iya fassara ta yadda take?

Kul. *Please* ita ce take aikin "don Allah". Idan ka juya kalmomin ɗaya bayan ɗaya ka ce *for God's sake*, ka yi magana irin ta wanda ransa ya ɓaci, kamar ka ce "haba, wai mene ne haka!" Na taɓa ganin takardar neman hutu da wani ya rubuta da wannan jimla a ciki, yana ganin ya kai matuƙa wajen ƙasƙantar da kai.

*Please* takan zauna a ƙarshen roƙo, ko bayan *you*: *Could you please wait?* Sau ɗaya ta isa. A Nijeriya akan buɗe tambaya da ita, a ce *Please, where is the bank?* kuma ana ganewa, amma a waje *excuse me* ake sawa a wannan gurbi.

Me ya sa Malam ya ce *borrow*, amma aka ce mini *borrow me your pen* kuskure ne?

Wannan wuri yana da daɗin bayani, domin kowane harshe ya raba abin gida biyu, sai dai ba ta hanya ɗaya ba. Hausa ta duba abin da aka karɓa. In shi kansa za a mayar, kamar biro ko tsani ko tabarma, aro ne. In madadinsa za a mayar, kamar kuɗi ko mudun gero, rance ne. Wanda ya bayar da wanda ya karɓa kuwa kalma ɗaya suke amfani da ita: na ari biro, ya ara mini biro.

Turanci bai damu da ko biro ne ko kuɗi ba, inda abin ya nufa yake dubawa. Mai karɓa *borrow* yake yi, mai bayarwa *lend*. Saboda haka "ara mini" hanya biyu gare ta: ko ka ce *Can I borrow your pen?* kana maganar kanka, ko ka ce *Could you lend me your pen?* kana maganar mai biron. Abin da nake ce wa ɗalibai su riƙe shi ne *borrow* tana tafiya da *I*, *lend* tana tafiya da *you*. A aji nakan sa a yi ta miƙa biro ɗaya daga hannu zuwa hannu, kowa ya roƙa da siga ɗaya, na gaba ya roƙa da ɗayar, har ya zagayo.

Yaushe ake cewa *excuse me*, yaushe ake cewa *sorry*?

A sauƙaƙe, *excuse me* kafin ka dami mutum, *sorry* bayan ka dame shi. Za ka tsayar da wani ka tambayi hanya, ko kana so a ba ka wuri ka wuce, wato inda za mu ce "gafara dai" ko "Malam, don Allah", *excuse me* ce. Ka taka ƙafar mutum ko ka makara, *sorry* ce.

*Sorry* tana da aiki na biyu, shi ne na layi na biyar. In ba ka ji abin da aka faɗa ba, ka ce *Sorry?* da ɗaga murya, kamar "na'am?" ɗinmu. *Pardon?* ma tana yi. Kada ka ce *What?* domin daidai take da ka ce wa babba "me?" Wannan layi na biyar shi na fi matsa wa ɗalibai a kai, tare da ƙanensa *Could you speak slowly, please?* Ɗan koyon da ba shi da su yakan gyaɗa kai ya ce *yes* ga abin da bai fahimta ba, kuma a banki ko asibiti wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Sai "ina zuwa" da muke faɗa muna fita. In ka ce *I'm coming* ka juya baya ka tafi, ɗan Nijeriya ya gane, baƙo kuwa zai bi ka da ido. *Just a moment, please* ake cewa, ko *I'll be right back*.

Yaya zan girmama babba tunda Turanci ba shi da "ku"?

Gaskiya ne, *you* ɗaya ce ga yaro da sarki, mace da namiji, mutum ɗaya da taro. Ɗalibai mata sukan ce bakinsu yana nauyi su ce wa surukinsu *you*. Babu rashin kunya a ciki, harshen ne ba shi da wata.

Girmamawar tana fitowa ta sigar roƙon da muka gani, sai kuma laƙabi. Namijin da ba ka san sunansa ba *sir*, mace *madam*, a Nijeriya kuma *ma* ta fi yawa a baki. In ka san suna, a nan al'adu suka rabu. Mu muna liƙa laƙabi a sunan yanka, mu ce Malam Sani, Hajiya Binta. Turawa suna liƙa *Mr* da *Mrs* da *Ms* a sunan ƙarshe, don haka wanda ake kira Sani Garba zai zama *Mr Garba*, ko da Garban sunan mahaifinsa ne. *Sir* kuwa in aka haɗa ta da suna ta tashi daga gaisuwa ta koma sarautar Ingila, irin wadda aka ba Sardauna Ahmadu Bello a 1959 da Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1960. Saboda haka malaminka *sir* ne kawai, ba a haɗawa da sunansa.

*Daddy* da *mummy* da *uncle* da ake kiran manya da su a kudu da ma biranenmu, al'adar gida ce da ta shiga rigar Turanci, kamar yadda muke cewa Baba ko Kawu ga wanda ba mu haɗa jini ba. A Nijeriya suna aiki. A ofis a Landan kada ka gwada.

In aka yi mini tayin abinci na ce *thank you*, na karɓa ne ko na ƙi?

Ka karɓa. Mu in aka ce "bismilla" muka ce "na gode" ko "alhamdu lillahi", an san mun ƙoshi. A Turanci *thank you* ita kaɗai amincewa ce, za ka ga an zubo maka. Ƙi shi ne *No, thank you*, karɓa kuma *Yes, please*. Kuma kada ka yi kawaicin ƙin farko kana jiran a sake tayi, mai yiwuwa ba za a sake ba.

Na haddace hirar, amma in na faɗa sai a ce in maimaita. Ina matsalar take?

Yawanci a sautuka huɗu take, kuma dukansu suna cikin layi goman nan.

Na farko *p*. Hausa ba ta raba *p* da *f* a matsayin haruffa biyu masu sauya ma'ana ba, shi ya sa *pen* take fitowa kamar *fen*, *please* ta koma *fleas*, wato ƙuma. Gyaran a leɓe yake. Wajen *p* leɓɓa biyu suna rufewa ruf, sannan su buɗe da ɗan bugun iska. Wajen *f* haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa, iska tana zirarowa ba tsayawa. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka ka ce *pen*. In ta yi tsalle sau ɗaya ka samu, in ta kwanta a hankali *f* ka yi. Jimlar *please fill in this form* an yi ta kamar don wannan atisaye, *p* ɗaya *f* biyu.

Na biyu baƙaƙe biyu a jere. Bakinmu ya saba cusa wasali a tsakani, abin da ya ba mu burodi da firamare da direba. A Hausa sun zama kalmominmu, ba mai taɓa su. Amma a Turanci *please* gaɓa ɗaya ce, ba "filis" mai gaɓa biyu ba. Fara da "liiz", ka maimaita, sannan ka rufe leɓe kafin ka sake ta.

Na uku *th*. Wanda ya yi Islamiyya ya riga ya mallaki wannan sauti bai sani ba. Na *thank you* shi ne harafin ث da malamin tajwidi yake sa ka fito da kan harshe tsakanin haƙora, na *this* da *that* kuma ذ ne. Ranar da na fara faɗa wa wani alaramma haka a aji, nan take ya daina cewa "sankyu", abin da na yi mako biyu ina fama da shi ta wata hanya.

Na huɗu *v* na *very* da *evening*, wanda muke mayarwa *b*. Bakin *f* za ka yi, sai ka sa murya. Ƙari a kan waɗannan, *l* ɗin *could* da *would* ba a furta shi: "kud" da "wud" ne, kuma *could you* a bakin mai sauri kamar "kuju" take fita. Sanin haka zai taimake ka wajen ji ko da kai ba ka faɗe ta da sauri ba.

Yaya ake gudanar da darasin, kuma yaya zan yi in ni kaɗai ne?

Ni minti arba'in nake ba shi. Da farko ɗalibai suna rufe littafi in karanta hirar sau biyu, ina sauya wuri da murya don a san mai magana, sannan in tambaya da Hausa: ina ake, me Malam yake nema, me ya ara? Ba na bari a ga rubutu kafin kunne ya ji, domin wanda ya fara ganin *could* a rubuce zai yi ta kiran *l* ɗin nan har abada.

Daga nan sai maimaitawa tare, layi layi. Doguwar jimla daga wutsiya nake gina ta: *please*, sannan *an account, please*, sannan *open an account, please*, har a kai farko. Haka karin muryar ƙarshen jimla ba ya lalacewa. Sai a kasu biyu biyu, kowa ya yi Malam ya yi ma'aikaciya. Ina zagayawa ina share kalmomi daga allo kaɗan kaɗan, har ya zama ba abin da ya rage sai harafin farko na kowane layi.

Minti goman ƙarshe su ne ainihin darasin. Nakan ce banki ya tashi, yanzu kemis ne, ko tashar mota, ko ofishin hedimasta. Ginin yana nan, kaya ne suke sauyawa: *I would like to see the doctor, please*, ko *Could you write the price, please?* Tela ya roƙi almakashi, direba ya roƙi jak.

In kai kaɗai ne, ɗauki muryarka a waya kana karanta layukan ma'aikaciya, ka bar shiru na daƙiƙa biyar kafin kowanne. Sai ka kunna, ka riƙa cike shirun da layukan Malam ba tare da duba takarda ba. Gobe ka juya.

Yadda nake gane darasi ya zauna kuwa, a mako na biyu nakan shigo aji in ɗauke allin da ke kan tebur in sa a aljihu, sannan in kira wani ya zo ya yi rubutu a allo. Zai duba tebur, ya dube ni. In ya ce *Sir, give me chalk*, mun koma layi na bakwai. In ya ɗan yi jim ya ce *Can I borrow the chalk, please?* sai in miƙa masa, in jira kuma in ji ko *th* ɗin godiyarsa zai fito tsakanin haƙora.